Wata takwas da raba aikinmu tsakanin sabar ofis da kilawud, ga yadda ta kaya

Ni ke kula da kwamfutocin wani ɗakin gwaje-gwajen jini da hoto a nan cikin Kano, wajen Tarauni, muna da reshe biyu. Matsalarmu tun farko ɗaya ce, ƙarshen wata. Ranar da za a haɗa lissafin kamfanonin inshorar lafiya da rahoton wata sai sabarmu ta kama nishi, aikin yakan ci awa goma sha ɗaya, kuma duk tsawon lokacin nan 'yan risefshan ba sa iya buɗe fayil ɗin mara lafiya sai sun jira, mutane na zaune a benci ana ta tsaki. Na ce wa Alhaji, mai wurin, mu sayi babbar saba, da ya ji kuɗin sai ya ce "injiniya, abin da za a mora kwana biyu a wata shi zan zuba wa wannan kuɗin?" Na ce to mu kwashe komai mu kai kilawud, wato kwamfutocin wasu kamfanoni da ake haya ta intanet, ya ce sam, sakamakon gwajin mutane ba zai bar ginin nan ba. Kuma gaskiyarsa, a garin nan in sakamakon wani ya fita kafin la'asar unguwarsu ta ji, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 da ta saka bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙasar waje. Shi ne muka tsaya a tsakiya, abin da ake cewa haibirid: databes, wato rumbun bayananmu, tana gida, ƙarfin aiki kuma mu yi hayarsa in buƙata ta taso.

Zubin farko wallahi kunya na sha. Na yi hayar inji mai kwakwalwa 32 a wani babban kamfanin kilawud, cibiyarsu da ke Afirka ta Kudu, tamu ta gida 8 gare ta. Na haɗa su da WireGuard, manhajar da ke buɗe rufaffen rami tsakanin injina ta intanet, na ce injin haya ya riƙa tambayar databes ɗinmu ta PostgreSQL kai tsaye ta cikin ramin, a raina aiki zai yi sauri ninki huɗu. Na kunna bayan isha'i, da asuba na duba bai gama ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne injin hayar a zaune yake, kwakwalwarsa ko kashi biyar cikin ɗari ba ta aiki, layin intanet ɗin ma bai cika ba, to me yake jira? Sai na buga wannan daga can, don in auna lokacin da saƙo ke ɗauka zuwa sabar gida da dawowa:

```
ping -c 20 10.8.0.1
```

Zuwa da dawowa wajen milisakan 150. A ido ba komai ba ne, ko ƙiftawa ba ka gama ba. Amma manhajarmu ɗaya bayan ɗaya take tambaya, ta ɗauko gwaji ɗaya, ta nemi farashinsa, ta nemi kamfanin inshorarsa, sannan ta wuce na gaba, a wata kusan tambaya 200,000. Ka ninka da 150 ɗin nan, sakan 30,000 ke nan, sama da awa takwas na zaman jira zalla, ina biyan dala a kan injin da ke hamma. A cikin ofis tambayar nan ko milisakan ɗaya ba ta kaiwa shi ya sa ban taɓa lura ba. Duk wanda ya ga injinsa na haya ba ya gumi kuma aiki ba ya tafiya, nan zai fara dubawa, ƙarin megabit ba ya maganin wannan, nisa ne.

Na yi tunanin tura kwafin databes ɗin gaba ɗaya can, gigabait 40 ce, layinmu na turawa megabit 20, awa huɗu da rabi in netwok bai yi halinsa ba. Ko ba wannan ba ma, ai an karya sharaɗin Alhaji ke nan, an gudu ba a tsira ba.

Abin da ya zauna daga baya shi ne, sabar gida ta ware abin da lissafin ke buƙata kaɗai, irin gwaji, rana, farashi, kamfanin inshora. Suna da lambar waya da adireshi a cire, kowane mutum a ba shi wata lamba da aka ƙirƙira da ka, teburin da ke cewa lamba kaza wane ce kuma ba ya barin gida. A matse fayil ɗin ya dawo gigabait 3, minti ashirin ya haye, sai a tada injin, ya yi aikinsa cikin awa ɗaya da rabi tunda yanzu komai na gabansa, ya dawo mana da sakamako ɗan ƙarami, a gida mu mayar da sunayen, a rushe injin. Ƙarfe goma na dare nake kunnawa, sha biyu da 'yan mintuna an gama.

Cire sunan nan fa shi ne wurin da ya fi cin lokacina, ba kilawud ɗin ba. Da farko lambar waya na bi ta SHA-256, wani lissafi da ke juya rubutu ya koma hargitsattsun haruffa, na ce ai ta ɓuya, wani abokina ya yi min dariya ya ce lambobin Najeriya guda sha ɗaya ne kuma farkonsu sananne, kwamfuta za ta gwada su kaf ta gano ta kowa, dole na koma lambar da ka wadda ba ta da alaƙa da mutumin. Sai kuma gurbin ƙarin bayani, inda ma'aikata ke rubuta abin da suka ga dama. Ina duba fayil ɗin gwaji kafin turawa na ci karo da "matar mai unguwa ce, a kira ɗanta" har da lambar ɗan. Gurbin nan gaba ɗaya na hana shi fita. Ranar haihuwa ma na mayar da ita shekara kawai, don in ka haɗa cikakkiyar ranar haihuwa da unguwa da irin gwajin, mutum ya bayyana ko babu suna. Har yanzu ba na kallon fayil ɗin a matsayin wanke tas, a kulle yake tafiya kuma ba ya kwana a can.

Maganar kuɗi. Hayar injin kanta ba ta da zafi tunda da awa ake biya, wata na biyu ne na ga bil ya ɗaga ban gane dalili ba, ashe kashe injin na yi ban goge shi ba, faifan ajiyarsa na nan ana ta caji, har da kwafin fayil ɗin a ciki, wannan ya fi kuɗin tayar min da hankali. Yanzu umarnin da ke tada injin shi ke rushe shi da faifansa, kuma na saka ƙararrawar bil. Tura data ciki kyauta ne a wurinsu, fito da ita ake caji, mu bai dame mu ba tunda abin da muke saukewa kaɗan ne, amma mai niyyar sauke hotunan sikanin masu nauyi ya yi lissafi tukuna. Kuma da dala ne, naira ta motsa bil ya motsa.

Abin da 'yan talla ba sa faɗa, ajiye data a gida yana nufin wahalarta ma tana gida. Wuta, inbata, batir, ƙurar hunturu da ke toshe fanka, zafin Afrilu da in esi ya tsaya minti talatin ɗakin saba ya zama tanda, duk a wuyana suke. Wani dare batir ya mutu ana tsakar turawa, fayil ya yanke, tun daga nan da manhajar tura fayil ta rsync nake turawa tare da --partial don ya ɗora daga inda ya tsaya. Bakof, wato kwafin ajiya na ko-ta-kwana, shi ma ni ne, faifai biyu a kulle, ɗaya a reshenmu na biyu.

In za a ba shi maki zan ba shi huɗu cikin biyar a irin aikinmu, mai zuwa lokaci ɗaya a dunƙule wanda za a iya yanka masa data a miƙa. Wanda manhajarsa sai ta taɓa databes kowane sakan, ko kuma aikin nasa kullum ne ba ƙarshen wata ba, ni dai na ce ya tara kuɗi ya sayi saba. Alhaji yanzu har yana tambaya ko za a yi wa ɗaya reshen irinsa, na ce masa a fara canza batiran inbata tukuna.