Kafin ka sayi akwatin lissafi don tambayoyin lokas: wane kamfas ne zai fisshe ka?

Duk ɗalibin da ke shirin WAEC ko NECO ya san tambayar nan da ake cewa a yi zane da rula da kamfas kaɗai, sannan a nemo lokas, wato hanyar da ɗigo yake bi idan an gindaya masa sharaɗi. Ɗalibai da yawa sun san abin da za su yi sarai, amma awonsu na ƙarshe sai ya kauce, kuma sau da yawa laifin na kamfas ne. Shi ya sa nake ganin wanda zai sayi akwatin lissafi ya fara duba kamfas ɗin da ke ciki, sauran kayan duk 'yan rakiya ne.

Bari mu ga aikin da za a sa shi, don a san abin da ake saye. A ce an ba ka layin AB mai tsawon santimita 8, da layin BC da ya tashi daga B a kan kusurwar digiri 60. An ce ka zana lokas na ɗigogin da nisansu daga layukan biyu ɗaya ne, da kuma na ɗigogin da nisansu daga A da B ɗaya ne, ka nuna inda suka haɗu. Na biyun mai sauƙi ne: layi ne da ya ratsa tsakiyar AB a tsaye, santimita 4 daga kowane gefe. Na farkon kuwa layin da ya raba kusurwar gida biyu ne, digiri 30 kowane ɓangare. Sun haɗu a P, kuma BP zai ba ka santimita 4.6.

Sai dai idan layuka biyu sun gitta juna, kusurwa huɗu suke yi, don haka lokas ɗin layi biyu ne: mai raba digiri 60, da mai raba digiri 120 da ke maƙwabtaka da ita, kuma su biyun suna gitta juna a kan digiri 90. Wannan na biyun yana haɗuwa da layin tsakiyar AB a ƙasa, a ɗigon Q, santimita 6.9 ƙasa da AB, BQ kuma santimita 8 cif. Idan tambaya ta tsare ka a cikin alwatika, P kaɗai ake so. Idan ba ta tsare ka ba, wanda ya fara zanensa a gindin takarda zai rasa inda zai sa Q.

To ina kamfas ya shigo? Wajen raba kusurwar za ka buɗe shi, a ce santimita 5, ka kafa allura a B ka yanki layukan biyu, sannan daga kowace mayanka ka ja baka, inda bakunan suka haɗu ka ja layi zuwa B. Duk dabarar ta rataya ne a kan bakunan nan biyu su zama faɗinsu ɗaya. Idan kamfas ya saki da milimita 2 kacal tsakanin baka ta farko da ta biyu, layin zai karkace da digiri ɗaya da 'yan kai. A wajen P ɓarnar kaɗan ce, BP zai koma 4.7. Amma idan a kan karkataccen layin nan ka tayar da na biyun, BQ zai iya faɗowa 7.7 maimakon 8. A irin wannan awo milimita ɗaya aka saba yafewa, uku kam sun yi yawa.

Zaɓi na farko shi ne akwatin gwangwani mai araha da ake samu a kowane shagon littattafai. Yana da komai: rula, kamfas, dibaida, ma'aunin kusurwa, alwatika biyu. Matsalarsa a wuyan kamfas take. Wasu an danne ƙafafun ne da ƙusa, ba kusoshi mai juyawa, don haka ranar da ya saki ya saki ke nan. Ga ɗan ƙaramar sakandare da ke koyon zagaye ba laifi. Ga mai jarrabawar fita kuwa, arha ba ta ado.

Na biyu shi ne akwatin da ya yi suna, irin Oxford na kamfanin Helix na Ingila, wanda iyaye da yawa da shi suka yi makaranta. Idan ka dace da mai kamfas na ƙarfe da kusoshi a wuya wanda sukudireba zai iya ɗaurewa, ya wadatar da duk wata tambayar lokas ta sakandare, kuma shi nake ba yawancin ɗalibai shawara. Kada dai zanen murfi ya ruɗe ka, domin kayan kwaikwayo sun iya kama da na ainihi. Ka ce wa mai shago ya buɗe.

Na uku shi ne kamfas mai 'yar taya a tsakiya, irin wanda Staedtler da Rotring suke yi wa masu zanen gini da injiniya. Ƙafafunsa a kan sandar zare suke, ba sa motsi sai ka murza tayar, don haka maganar saki ba ta taso ba. Ya fi tsada nesa ba kusa ba, canza faɗinsa yana cin lokaci in ba mai maɓallin saki ba ne, kuma da yawa ba sa ɗaukar fensir sai siririn bakin rubutu nasu na kansu, wanda in ya ƙare sai an nema. Wasu ƙanana ma ba sa buɗewa har santimita 8. Wanda yake darasin zanen fasaha ko yake harin kwalejin kimiyya da fasaha, kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Wanda lissafi kaɗai ya kawo shi, ba dole ba ne.

Ko wanne ka ɗauka, gwada shi a gaban mai shago. Ɗaura fensir, ka rufe ƙafafun, ka ga ko bakin allura da na fensir sun zo daidai. Buɗe shi santimita 5 a kan rula, ka ja zagaye sau biyu a kan sawu ɗaya. Idan layi biyu suka fito, ko ƙarshen bai koma mafari ba, ajiye shi. Sake aunawa ka ga ko har yanzu 5 ne. Ita ma rula ka ja layi da ita, ka kifa ta a ɗaya gefen layin ka sake ja. In ta lanƙwashe za ka ga rata a tsakiya. Rular cikin akwati santimita 15 ce, gara ka ƙara da mai 30, domin a misalinmu sai ka miƙa layuka sun wuce B. Fensir kuma 2H mai tsini, guntu, don dogo yana rinjayar kamfas. HB ka bar shi don cike takardar zaɓi, layinsa yana da kauri.

Akwai kuma abin da ba a saye, manhajar GeoGebra, kyauta ce a waya. Ba za ta shiga ɗakin jarrabawa da kai ba, kuma ba ta koya wa hannu riƙon kamfas, amma tana da amfani wajen duba aikin gida:

```
A=(8,0)
B=(0,0)
C=(3,5.196)
AngleBisector(Line(A,B),Line(B,C))
PerpendicularBisector(A,B)
```

Umarni na huɗu zai fito maka da layukan biyu a tare. Da ɗigo uku ka ba shi, `AngleBisector(A,B,C)`, ɗaya kaɗai zai zana. Sai ka auna BP da BQ na takardarka ka gwada da na allo. Idan P ya yi daidai amma Q ya kauce, fara da ɗaure kusoshin wuyan kamfas kafin ka sake zanen.