Sharhi kan ajin shirin IELTS da na halarta: ɓangaren TRUE, FALSE da NOT GIVEN

IELTS jarrabawa ce ta auna ƙwarewa a Turanci. Ajin na yamma ne a wata cibiya a nan Kano, kuma yawancinmu ma'aikatan jinya ne masu neman maki 7 a ɓangaren karatu, wanda hukumar rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya take buƙata. A wannan ɓangare, a nau'in jarrabawar na masu neman ilimi mai zurfi, ana ba da rubutu uku da tambayoyi 40 cikin minti 60, kuma sai mutum ya ci kusan 30 kafin ya kai 7. Zan tsaya kan nau'in tambaya ɗaya, wanda ake ba ka jimla ka auna ta da rubutun ka ce TRUE, FALSE ko NOT GIVEN, domin a nan na ga amfanin kuɗina.

Dokar malaminmu ita ce kowace amsa sai an ɗora mata yatsa. Idan ka ce TRUE, ka nuna layin da ya faɗi wannan magana ko da da wasu kalmomi ne. Idan ka ce FALSE, ka nuna layin da ya ƙaryata ta, yadda maganar da rubutun ba za su taɓa zama gaskiya tare ba. Idan ka rasa inda za ka ɗora yatsa a duka biyun, amsar NOT GIVEN ce, ko da kana da yaƙinin abin gaskiya ne.

Ga misalin da ya ba mu, na mayar da shi Hausa. Rubutun ya ce: "An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara a 1968 domin samar da lantarki. Aikin ya sa an tashi mutanen tsohon garin Bussa, aka kai su sabon matsuguni."

Jimla ta farko: "Ginin madatsar ya sa wasu mutane barin gidajensu." Wannan TRUE ce, domin tashin mutanen Bussa ke nan aka faɗa da wani salo. Ta biyu: "Mutanen Bussa sun ci gaba da zama a tsohon garinsu bayan aikin." FALSE, rubutun ya ce an tashe su. Ta uku ita ta raba kan ajin: "Madatsar Kainji tana cikin Jihar Neja." Wata 'yar'uwa da ta yi hidimar ƙasa a can ta ce, "Malam, wallahi a Neja take, na je da ƙafata." Ya ce, "Gaskiyarki, Hajiya, amma nuna mini layin." Babu shi. Rubutun ya ambaci kogi da shekara da gari, bai ambaci jiha ba, don haka NOT GIVEN.

Ta huɗu ta fi dabara: "Mutanen Bussa ba su ji daɗin tashin da aka yi musu ba." Hankali zai ce wa zai so a raba shi da garin kakanninsa? Amma wannan hasashenka ne, rubutun bai taɓo yadda suka ji ba. A nan na gane cewa abin da ake hana mu shigo da shi ya haɗa da sanin da muka zo da shi da kuma abin da muke ganin ya dace da hankali. Mu ma'aikatan lafiya mun fi kowa shiga wannan haɗari idan rubutun ya zo kan cuta ko magani, saboda amsa takan zo mana tun kafin mu gama karantawa.

Ya kuma horar da mu kan ƙananan kalmomi masu juya ma'ana. Rubutu ya ce "wasu manoma kaɗai", jimla ta ce "dukkan manoma", to FALSE ce. Rubutu ya ambaci amfanin gona biyu bai kwatanta su ba, jimla ta ce ɗaya ya fi ɗaya riba, to NOT GIVEN. Tambayoyin kuma suna bin jerin rubutun, saboda haka amsar ta uku tana tsakanin inda ka samu ta biyu da ta huɗu. Wannan ya rage mini yawan komawa farko.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne takardun gwaji da cibiyar ta tsara da kanta. Wasu amsoshinsu ba su tsaya kan dokar yatsa ba, har malamin ya yarda cewa akwai jimlolin da aka sa wa FALSE alhali babu layin da ya ƙaryata su. Irin wannan yana rikita ɗalibin da ya fara kama hanya. Haka kuma sun yi sauri a kan YES, NO da NOT GIVEN, inda ake auna jimla da ra'ayin marubuci, ba da bayanan da ya kawo ba.

Wanda zai shiga irin wannan aji ya tambaya tun farko ko da tsofaffin tambayoyin jarrabawar na asali ake gwaji, kuma ko malamin yana bin kowace amsa layi-layi. A namu na biyun ya samu sosai, na farkon kuwa sai da muka nemo da kanmu.