Roba-roba 110 ta yi mini daidai, amma shagon da na saya sun ɓata mini rai

Tsayina santimita 158 ne, nauyina bai wuce kilo 52 ba. Duk gajeren da ke shirin sayen mashin a Sakkwato, ina roƙonsa kada ya saurari masu cewa roba-roba ta mata ce.

Kafin in sayi tawa, babban mashin yayana nake ara, irin na 'yan kabu-kabu. Kujerarsa ta kusa santimita 80 daga ƙasa, ni kuma da tela ya auna ni daga matsematsi zuwa diddige, 72 ya samu. Idan na tsaya sai na zame gefe ɗaya kafin yatsun ƙafata su taɓa kwalta. Tafiya ba ta taɓa ba ni tsoro ba, tsayawa ce ke kaɗa mini hanji.

Abin da ya sa na rubuta wannan ya faru ne wata safiya kusa da shataletalen Dandima, ina ɗauke da yarona a kan roba-robata za mu makaranta. Wani mai Keke ya ci birki a gabana ba zato, dole na kauce gefen titi, daidai inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Wurin ya fi titin zurfi da kusan faɗin yatsu huɗu. Na danne birkin baya da ƙafar dama, na sauke ta hagu, sai ta nutse cikin yashi, mashin ya karkata. Na ji nauyinsa ya zo kan cinyata, na ji yaron ya damƙe rigata. Sai kawai na turo shi ya miƙe. Wallahi ban yi tsammani ba. Da babban mashin ne da mun sha ƙasa mu biyu, don idan ya karkata haka ba ni da ƙarfin dawo da shi.

Da na zauna na yi tunani, ba gajartar kujera kaɗai ta cece mu ba, don bambancin bai fi santimita 3 ko 4 ba. Nauyi ne. Roba-roba tana wajen kilo 100, kuma injinta a kwance yake can ƙasa, babu tanki cike da mai a saman gwiwa yana rinjayar mutum. Ga shi babu kuloci a hannu, saboda haka injin bai mutu ba duk da ban samu damar sauke giya ba. Tsakiyarta kuma a buɗe take, ƙafa na fita da sauri ko da doguwar riga.

Amma kada a ɗauka haka na fito da ita daga shago. Ranar saye na ce a sauke ta daga jak in zauna in gwada, mai shagon ya hana, wai sabuwa ce kada a goge ta. Ya ce mini, "Malam, wagga ko yaro na hawanta, in ta yi maka tsawo mu rage maka kujera kyauta." Yaronsa ya kai kujerar wajen wani mai ɗinki, ya yanke soson daga sama kawai, ya bar gefuna da faɗinsu. Kujera ta zama kamar benci. Ta buɗe mini cinyoyi, ƙafata ta ƙara nisa da ƙasa, ga robar ƙasan kujera tana cin mutum tun kafin in kai Arkilla. Na koma, ya ce ai ya cika alkawari. Har yau in na tuna raina sosuwa yake.

Wani dattijon mai ɗinkin kujera a unguwarmu ne ya gyara da kuɗina. Ya sa sabon soso mai tauri, ya rage kamar santimita 2 a sama, ya sassaƙe gefunan gaba suka tsuke. Nan take tafin ƙafata ta hagu ya zauna daram. Bakanikena kuma ya duba shokozoba ya tarar an ɗaure ta a mataki mafi tauri, shi ya sa nauyina ba ya lotsa ta. Ya sassauta, amma ya gargaɗe ni cewa idan na ɗauki babban mutum ko buhu a haka, cikin mashin zai riƙa bugun tudun rage gudu. Haka kuwa take yi.

Rashin nauyin nan ma yana da nasa. A hanyar Bodinga idan tirela ta wuce ni da gudu, sai iska ta yi kamar za ta tura ni gefe, musamman lokacin hunturu. Tankinta bai wuce lita 4 ba, kullum idona na kan mai. Don haka ban ƙara fita wajen gari da ita ba. Cikin gari kuwa, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, ba na son wata. Wancan shagon dai ko baƙin mai ba zan sake saye wurinsu ba.