Janareto ko sola, wanne ya fi wa mai shagon aski?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 masu shago ke ta wannan lissafin, to bari mu baje shi a faifai. Ɗauki shagon aski mai kujera biyu: kilifa biyu, fanka ɗaya, ƙwai uku, ƴar talabijin da cajin wayoyin kwastoma. Duka-duka wajen wat 200 ne, in ka yi awa goma a rana ka ci wat-awa 2000 kenan.

Ƙaramin janareton nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai zai ɗauki wannan kayan ba ko gezau, kuma shi ne mai arha wajen saye, yau ka biya yau ka kunna. Matsalar cikinsa ne. A awa goma zai sha maka kamar lita biyar, mu ƙaddara lita dubu ɗaya ce, dubu biyar kenan kullum, a kwana 26 na aiki dubu 130 sun tafi, ba a sa kuɗin baƙin mai da fulogi da mai gyara ba, ga ƙara ga hayaƙi, maƙwabcinka kullum yana harararka.

Sola kuwa a farko take cizo. Kana buƙatar fanel biyu masu wat 300, da inbata, da kwantirola mai daidaita caji, sai batir. Ranar arewa tana ba da wajen awa biyar na caji mai ƙarfi, fanel biyun za su tara wat-awa 3000 a takarda, in ka cire asarar waya da zafi abin da ya rage ya ishe ka, amma ba wani rara sosai.

Batirin ne inda mutane ke ƙonewa wallahi. Wanda aka rubuta wa 12V 200Ah yana riƙe wat-awa 2400, sai dai in mai ruwa ne rabin kawai ya kamata ka taɓa, ka riƙa zuƙe shi tas kullum ba zai daɗe ba zai mutu, alamar ita ce ka ga ya cika da wuri kuma ya sauka da wuri. Daga magariba zuwa goman dare wat-awa 800 za ka ci, ka ga lafiya lau. Amma kar wani ya zo ya jona hita ko dutsen guga. Lokacin hunturu kuma sai ka dinga goge ƙurar fanel, in ba haka ba caji ya ragu ka ɗauka batir ne ya lalace.

Ni dai sola zan ce ka saya. Karɓo farashin kayan gaba ɗaya ka raba da kuɗin man da kake sha a wata, adadin watannin da za ta mayar maka da kuɗinka kenan. In kana da tsohon janareto kar ka sayar, Agusta na zuwa da hadarin kwana uku. Wanda zan ce ya tsaya kan janareto shi ne ɗan hayar da mai gida ya hana shi hawa rufi.