Sharhi kan rubutun tallar daƙiƙa 30 da aka yi wa shagon ɗinkina

Shagona ƙarami ne, kekuna uku, a kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, kuma kayan maza muka fi ɗinkawa. Kafin azumi na ba wani matashi mai harkar bidiyo aikin rubuta mini talla ta daƙiƙa 30 da zan riƙa ɗorawa a WhatsApp da Facebook. Rubutun kawai na saya, ɗaukar hoton kuwa, ƙanena ne ya yi da waya. Ra'ayina shi ne kuɗina ba su faɗi banza ba, amma ƙarshen rubutun sai da muka sake shi.

Bai fara rubutu ba sai da ya tambaye ni me mutane suka fi kuka da shi game da teloli. Na ce saɓa alkawari, wannan kowa ya sani. Ya ce to a kansa kaɗai za a gina tallar. Na so a ambaci kaftani da babbar riga da anko da kayan yara, ya ƙi. Hujjarsa ita ce mai magana cikin natsuwa ba ya wuce kalma biyu zuwa uku a daƙiƙa, kuma dole a bar wa hoto wurin numfashi, saboda haka duk maganar kada ta haura kalma 60.

Takardar shafi ɗaya ce, an raba ta gida uku: lokaci, abin da za a gani, da abin da za a ji. Daƙiƙa ukun farko babu magana ko ɗaya, almakashi ne kawai yana bin layin alli a kan shadda, an matso da waya dab, ana jin ƙarar yankan. Daga nan zuwa daƙiƙa ta 10 ina auna kafaɗar mai kaya da tef, shi kuma yana cewa, "Maigida, Juma'a nake da ɗaurin aure fa, zan samu?" Ni kuma in amsa, "Alhamis bayan la'asar ka zo ka karɓa, in sha Allahu." Sai hoto ya koma kan hannuna ina rubuta ranar a rasit.

Wannan hoton rasit ɗin shi ne ya fi burge ni a duk rubutun. Kowane tela yana cewa ba ya saɓa alkawari, har maganar ta daina shiga kunne. Amma mutum ya ga biro yana rubuta "Alhamis", an yage takardar an miƙa wa mai kaya, wannan shaida ce da zai iya riƙe ni da ita. Kuma ana riƙe ni, don yanzu masu kawo ɗinki da kansu suke cewa a rubuta musu rana.

Daga daƙiƙa ta 10 zuwa ta 20 aiki ne zalla, hotuna huɗu gajeru: allura tana sauka, aikin wuya, ɗinkin aljihu, dutsen guga yana kwantar da hannun riga. Murya daga baya tana cewa, "Ranar da muka rubuta maka, ita ce ranar karɓarka." Sannan mai kaya ya saka kaftanin a gaban madubi, ya ɗaga hannuwa, ya ce, "Ma sha Allah, ta zauna."

Matsalar tana daƙiƙa biyar na ƙarshe. Ya rubuta a faɗi sunan shago, da kwatancen wuri, da lambar waya, duk da baki. Lamba 11 kaɗai, in za a karanta ta yadda mutum zai kama, ta cinye biyar ɗin. Da muka gwada, mai muryar sai gudu yake kamar ana korar sa. Muka cire lambar daga baki, muka rubuta ta a ƙasan hoto tun daga daƙiƙa ta 20 har ƙarshe, murya ta tsaya kan sunan shago da unguwa. Wanda aka ba irin wannan rubutu ya karanta shi da ƙarfi yana duba agogo kafin ya biya cikon kuɗi, nan take zai gane inda ya cushe.

Haka kuma bai ce komai kan sauti da haske ba, alhali shagon tela wuri ne na hayaniya. Sai da muka kashe janareta, muka tsayar da kekuna, muka ɗauki maganar da sassafe. Farar shadda kuwa, haske yana wanke ta a waya, aikin wuyan ba ya fitowa, sai muka canza da ruwan toka muka matso bakin ƙofa. Ita ma wayar a tsaye ya kamata a riƙe ta tun da a waya za a kalla, kuma da ya rubuta hakan a saman takarda da ya rage mana wahala.

Zan sake ba shi aiki kafin babbar sallah, amma da sharaɗin ya zo shagon ya zauna ko na awa ɗaya ne kafin ya rubuta.