Hattara da masu tara kuɗi da sunan "zagayen shekara huɗu" na Bitcoin

Makon jiya ƙanena ya zo shago ya ajiye mini waya a kan kanta, ya ce, "Yaya, duba min wannan." Wani zaure ne na WhatsApp da aka saka shi wata huɗu da suka wuce. Mai zauren kullum sai ya turo zanen farashin Bitcoin da jajayen layuka huɗu, ya ce duk lokacin da aka yanke ladar masu haƙar Bitcoin sai farashi ya yi tashin gwauron zabo, saboda haka a kawo kuɗi a shiga tun kafin yankan 2028, za a riƙa biyan kashi 20 cikin ɗari kowane wata. Yaron ya zuba naira 300,000, kuɗin da yake tarawa don sayen babur. Allon manhajarsu yana nuna masa sama da 600,000. Da ya nemi cirewa sai aka ce sai ya biya 45,000 "kuɗin buɗe walet".

Abin da ya sa tarkon yake kama mutane shi ne akwai gaskiya a cikin zanen. Masu haƙar Bitcoin, wato masu kwamfutocin da ke tabbatar da cinikinsa, suna samun ladar sabon Bitcoin a kan kowane bulok, wato rukunin ciniki, da suka haɗa, kuma bayan kowane bulok 210,000, wato kusan shekara huɗu, ladar tana komawa rabi. Daga Bitcoin 50 ta koma 25 a Nuwamban 2012, sai 12.5 a Yulin 2016, sai 6.25 a Mayun 2020, sai 3.125 a Afrilun 2024. Wannan a rubuce yake cikin tsarin. Amma abin da aka rubuta yawan sabon Bitcoin ne da zai fito. Farashi kuwa babu layin da ya ambace shi.

Na ɗauki biro na yi masa lissafi a bayan rasit. A 2012 farashi wajen dala 12 ne, ya haura dubu ɗaya a ƙarshen 2013, kusan ninki casa'in. A 2016 wajen dala 650 ne, ya kusa 20,000 a Disamban 2017, ninki talatin. A 2020 wajen 8,600 ne, ya kai 69,000 a Nuwamban 2021, ninki takwas. A 2024 wajen 64,000 ne, ya taɓa 126,000 a Oktoban 2025, da ƙyar ya ninka sau biyu. Tashin yana ta ƙanƙancewa, kuma ba abin mamaki ba ne, domin an riga an haƙo fiye da kashi 93 cikin ɗari na Bitcoin miliyan 21 da tsarin ya ƙayyade tun kafin yankan 2024. Sabon da ke fitowa a rana ya ragu daga 900 zuwa 450, ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da cinikin da ake yi a kasuwa kullum.

Sannan sau huɗu kacal abin ya faru. Manomin da ya ga damina huɗu ba ya cewa ya haddace ruwan sama. Kuma kowane tashi ya zo da nasa dalilin a gefe. Na 2020 ya faɗo lokacin korona, gwamnatoci suna ta zuba kuɗi, kuɗin ruwa ya yi ƙasa, hannayen jari ma duk sun tashi. A 2024 Amurka ta amince a watan Janairu da asusun zuba jari masu riƙe Bitcoin, farashi ya kafa sabon tarihi na wajen 73,000 a Maris, tun ba a yanke ladar ba, abin da bai taɓa faruwa a zagayen baya ba. Litecoin, wani kuɗin intanet irin Bitcoin, shi ma ana yanke ladarsa, amma bayan yankan Agustan 2019 farashinsa ƙasa ya yi har ƙarshen shekarar. Wannan ba ya cikin zanen mai zaure. Haka faɗuwar Bitcoin ta 2018 zuwa wajen 3,200, da ta 2022 zuwa ƙasa da 16,000, an matse su har ba a gani sosai.

Ni kaina ina kallon zagayen, don in san ko kasuwa tana cikin zumuɗi ko sanyi. Iyakar amfaninsa ke nan a wurina. Ko da tarihin zai maimaita kansa, ba ya fitar da riba wata-wata. Kashi 20 a wata, idan ana juya shi, ninki tara ne saura kaɗan a shekara, alhali shi kansa Bitcoin ya ɗauki shekara ɗaya da rabi kafin ya ninka biyu. To daga ina ake biya? Daga aljihun sababbin shiga, kamar yadda aka yi a MMM kafin ta daskare a Disamban 2016. Shi ya sa suke ba da kashi 10 ga duk wanda ya kawo wani.

Na ce wa ƙanena ya tambaye su adireshin walet, wato asusun da suka ajiye Bitcoin ɗin, tunda kowa na iya duba abin da ke cikin adireshi, da kuma shaidar rajistarsu da hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari. Ya tura saƙon da azahar. Kafin la'asar sun cire shi daga zauren. Dubu 45 ɗin dai bai tura ba, yanzu muna haɗa rasit ɗin banki da hotunan hirar don kai ƙara, kuma abokansa biyu da ya shigar har yau suna ciki.