Kwaɗon tudu da kwaɗon ruwa ba ƙofa ɗaya suke bi ba

Tambaya: "Assalamu alaikum jama'a. Tun da damina ta kankama kwaɗi suka addabe ni da daddare. Wasu ƙattai masu ƙuraje a jiki ina tsintarsu a falo, wasu 'yan sirara kuma a banɗaki, har da manne a bango. Na cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, na barbaɗa gishiri, ba su fasa ba. Duk abu ɗaya ne? Me ke kawo su, kuma ta ina zan tare?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Baƙi iri biyu gare ki, kowa da abin da ya kawo shi da hanyar da ya biyo, shi ya sa magani ɗaya bai ishe su ba.

Na falon kwaɗon tudu ne. Jikinsa a bushe yake, fatar kaushi gare ta, ƙafafun bayansa gajeru ne, don haka ba ya dogon tsalle. Tafiya yake yi ko ɗan tsalle-tsalle, ciki na kusan jan ƙasa. A bayan kowane ido akwai wani kumburi mai ɗan tsawo, nan ne jakar dafinsa. Na banɗakin kuwa dangin kwaɗon ruwa ne: fata mai santsi da danshi, ƙugu siriri, ƙafafun baya dogaye, tsalle ɗaya ya ɓace miki. Wanda kika gani a bango, in kin duba yatsunsa za ki ga bakin kowanne ya yi faɗi ya zama ɗan zagaye. Da su yake mannewa, kuma yana hawa tayil da gilashi da bututun roba ba tare da ya zame ba.

Dukkansu ba da baki suke shan ruwa ba, ta fata suke tsotsarsa, musamman fatar ciki, kuma ta nan ruwan jikinsu ke tsanewa. Wannan ne ya sa rana ba tasu ba ce, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi laima. Inda suka rabu shi ne juriya. Kwaɗon tudu ya fi ɗan'uwansa jure rashin ruwa, yana iya nisa da tafki ya yi zamansa a tsakar gida. Kwaɗon ruwa ba ya daɗewa nesa da danshi, duk inda kika gan shi to akwai ruwa a kusa, ko da ke ba ki gan shi ba.

Ungulu ba ta jewar banza. Abin da ke kawo kwaɗon tudu bakin ƙofarki, mafi yawanci, fitila ce. Farin ƙwan lantarki a saman ƙofa yana tara ƙwari, shinge da gyare da 'yan ƙananan buzuzu, su yi ta bugun ƙwan suna faɗowa ƙasa. Shi kuwa sai ya zo ya tsuguna a gindin hasken yana lasa. Ba gidanki ya nufa ba tun farko, bakin ƙofa ya zo. Amma hasken falo yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar, ƙwarin na bi ta nan, shi ma ya bi su. In gari ya fara wayewa yana ciki, sai ya nemi duhu mai sanyi, bayan firji, ƙarƙashin kujera, cikin takalmi. Kuma halinsa ne in ya sami maɓoya mai kyau ya riƙa komawa cikinta. Ba mamaki ƙattan nan da kike gani kullum ba su wuce biyu ko uku ba, su ne dai suke maimaita zuwa.

Kwaɗon ruwa bai damu da ƙofar falo ba. Laima yake bi, kuma banɗaki ne wurin da ya fi ko'ina laima a gida. Hanyoyinsa uku ne sanannu: bututun da ruwan wanka ke fita, in bakinsa na waje a buɗe yake, tagar banɗaki mai yagaggiyar raga, sai bututun iska na masai, wanda ke miƙewa sama a jikin bango ko ta rufi. Wannan na ƙarshe mutane ba sa kawo shi a rai. Mai manne-manne yana hawa, ya faɗa ciki, ya gangaro, ya iyo ta ɗan ruwan da ke kwance a lanƙwasar masai, ki ɗaga murfi da safe ki gan shi zaune. Ruwan lanƙwasar wari yake tarewa, ba ya tare abin da ya iya iyo. Murfin sokawe da ya tsage shi ma ƙofa ce zuwa wannan bututun.

Kafin ki sayi komai, gano hanyar tukuna. A falo, ki share bakin ƙofa ta ciki, ki barbaɗa toka mai laushi ko hoda, faɗin tafin hannu biyu, daga wannan gefe zuwa wancan, ki yi haka a kowace ƙofa mai fita waje. Da safe inda aka bi zai nuna, sawun ƙafa a gefe biyu da shafar ciki a tsakiya. Kashinsa ma shaida ne: baƙi ne, mulmulalle, ya yi girma in an kwatanta da jikinsa, in ya bushe kika murƙushe da tsinke za ki ga fukafukai da ɓawon ƙwari suna ƙyalli. Na ɓera ya fi ƙanƙanta da tauri kuma a warwatse yake da yawa, na tsaka da ƙadangare kuwa yana da ɗan fari a ƙarshe. A banɗaki gwajin dabam ne. Ki tabbatar babu wani kwaɗo a ciki, ki rufe taga, ki ɗora bokiti cike da ruwa a kan ramin magudana, ki rufe murfin masai, ki ja ƙofa. In da safe kin same shi cikin masai, bututun iska ne ko sokawe. In babu komai, daren gaba ki ɗage bokitin kawai. Ya bayyana, magudana ce. Bai bayyana ba, taga ce ta rage.

Tsumman da kika cusa kuwa, ni a ganina gayyata ce. Tsumma a bakin ƙofa da damina jiƙewa yake, ya zama daidai irin maɓoyar da kwaɗon tudu ke nema, kuma turewa yake ya wuce. Ƙashinsa kaɗan ne, kusan ba shi da haƙarƙari, yana baje jiki ya ratsa inda ba ki zata ba. In yatsanki na shiga tsakanin ƙofa da daɓe, matsakaicin kwaɗo zai gwada sa'arsa. Abin da ke aiki shi ne doguwar roba mai kauri da kafinta zai ɗaura da kusoshi a gindin ƙofar, tana shafar ƙasa, ratar da ta rage kada ta kai milimita 6. A duba kusurwoyi biyu na ƙasa, wajen maratayi da wajen makulli, nan ake barin rami. Idan daɓen ba daidai yake ba, a zuba ɗan dokin ƙofa na siminti ƙofar ta riƙa jingina da shi.

Sai fitila. A ɗauke ta daga saman ƙofa a mai da ita 'yan mitoci nesa, tana hasko ƙofar daga can, ƙwarin su taru a can. In ba za a iya ba, a sauya farin ƙwai da mai launin rawaya, ƙwari sun fi rage zuwa gare shi, ko da yake ba ya hana su gaba ɗaya. Wannan gyaran kaɗai yakan rage kwaɗin tudu fiye da duk wani abin barbaɗawa. A kuma kwashe abin da suke wuni a ciki kusa da bango: tarin itace, tubala, tsofaffin tayu, tukwanen fulawa da aka jera a ƙasa, doguwar ciyawa. Wanda gidansa ke gab da fadama kuma abin ya yi yawa yana iya kewaye baranda da shinge mai santsi, na kwano ko roba, tsayin santimita 50, a binne gindinsa kamar santimita 10 don kwaɗon tudu yana tona. Amma ki lura, wannan shingen na mai tafiya a ƙasa ne. Mai manne-manne hawa zai yi ya wuce abinsa.

Shi maganinsa ragar waya ce, a sama da ƙasa. Bakin bututun iska a sa masa hula mai raga, kada a toshe shi ɗungurungum, in an toshe masai zai fara gurnani, wari ya dawo cikin gida. Bakin magudana na waje a ɗaura masa raga mai ramuka kamar milimita 6, a ɗaure ta yadda za a iya cirewa, domin gashi da kumfar sabulu za su taru. Alamar ta cushe ita ce ruwan wanka ya fara tsayawa a ƙafafunki. Kada a sa ragar sauro a nan, kwana kaɗan za ta toshe, wurinta taga ne. A liƙe tsagar murfin sokawe da siminti, a gyara famfo mai ɗiga, a ba ruwan da ke ɗigowa daga na'urar sanyaya ɗaki hanya kada ya kwanta a gindin bango.

Akwai lokacin da duk wannan zai zama kamar bai yi ba. Makonni kaɗan bayan ruwa ya kwanta a wani rami kusa da gida, talibambam suna rikiɗa, sai ki ga 'yan mitsi-mitsin kwaɗi, wasu ba su kai santimita 1 ba, sun cika ko'ina. Waɗannan suna ratsa raga. Ba sa daɗewa suke watsewa, amma maganin na gaba shi ne a leƙa ruwan tun da wuri. Ƙwai a jere cikin dogon zare mai yauƙi na kwaɗon tudu ne, na kwaɗon ruwa galibi a dunƙule yake ko a warwatse. In ramin na cikewa ne, a cike shi da ƙasa kafin ruwa ya sake sauka.

Gishiri ki bar shi. Yana zuƙe ruwan jikinsu ta fata, azaba ce kawai, ruwan sama ɗaya ya wanke shi, ya ɓata ƙasar shuka, ya ci ƙarfen ƙofa. Fesa maganin ƙwari ko zuba kananzir a magudana ya fi muni, kwaɗon zai mutu a cikin bututu ki kwana biyu kina neman inda wari ke fitowa. Wanda ya riga ya shigo, ki kifa masa bokiti ko roba, ki zura kwali a ƙasa, a kai shi nesa da gida wajen ciyawa mai laima. In a bayan katanga aka ajiye kwaɗon tudu, gobe yana nan.

Ta fuskar haɗari ma sun bambanta. Taɓa kwaɗon tudu ba ya sa ƙuraje, amma farin ruwan da yake fitarwa in an matse shi yana ƙona ido da baki, don haka a sa leda a hannu, a wanke da sabulu, a hana yara wasa da shi. Kare ko kyanwa da ta cije shi za ta fara dalalar da yawu tana goge baki da ƙafa. A goge mata dasashi da harshe da jiƙaƙƙen tsumma, ana wankewa ana maimaitawa, kada a ɗura mata ruwa a maƙogwaro, in ta fara amai ko rawar jiki a garzaya wajen likitan dabbobi. Na banɗakin ba shi da wannan jakar dafin, wanke hannu ya wadatar. Abin da ya sa nake cewa ki fara da robar ƙofa tun yau shi ne macizai da yawa kwaɗi ne abincinsu, kuma ratar da ta ishi kwaɗo ta ishi mai binsa.